Kwalbar da ake miƙa wa kwastoma bayan an gama gyaran gashi

Shagon gyaran gashi yana samun kuɗi ta hanyoyi biyu: aikin hannu da ake yi a kan kujera, da kayan da ake sayarwa a kan kanta. Aikin hannu yana da iyaka, domin mai gyaran gashi ba za ta iya yi wa mutum biyu aiki a lokaci ɗaya ba, kuma sa'o'in yini ba sa ƙaruwa komai yawan masu jira. Kayan kanta kuwa ba sa cin kujera, kuma miƙa kwalba ɗaya ba ya ɗaukar fiye da minti biyu. Wannan ne ya sa masu shaguna suke matsa wa ma'aikatansu su riƙa tallar shamfu da mai da kwandishana ga duk wadda aka gama wa aiki, kuma a nan ne ake yawan samun tangarɗa, domin kwastomar da ke zaune a kujera ba ta cikin matsayin mai saye a kasuwa. Ta sakar wa ma'aikaciya kanta na tsawon awa ɗaya ko biyu, ma'aikaciyar ta ga fatar kanta wadda ita kanta ba ta iya gani, saboda haka duk abin da aka faɗa mata tana ɗaukarsa a matsayin maganar masaniya. Amanar da ta sa take saurare ita ce kuma abin da shagon ke asara idan kwalbar ta kasa yin abin da aka ce za ta yi.

Abin da nake son nunawa shi ne cewa shawarar da ake bayarwa a ƙarshen aiki tana samun ƙarfinta ne daga abin da ya gudana tun farkonsa. Idan ma'aikaciya ta yi shiru har aka gama, sannan a wurin biyan kuɗi ta ɗauko kwalba ta ce wannan yana da kyau sosai, kwastoma ba ta da wani dalilin gaskatawa, kuma tana ganewa nan take cewa talla ake yi mata. Idan kuwa tun lokacin taje gashin aka nuna mata matsalar da idonta, aka yi amfani da kayan a kanta tana jin bambanci da hannunta, to maganar ƙarshe ba ta zama sabon zance ba, cikon bayanin da aka riga aka fara ne. Domin a ga yadda hakan ke gudana a aikace, bari mu bi kwastoma guda ɗaya daga zamanta har tashinta.

A ɗauka wata mata ce da take sa wa gashinta rilaksa, wato man da ke sakin gashi ya miƙe, ta zo wanki da gyara, kuma tun kafin ta zauna ta ce gashinta ya daina tsawo, tana son a sayar mata da man da ke sa gashi fitowa. Irin wannan man yana kan kantar shagon, kuma sau da yawa shi ne mai riba fiye da sauran. Ciniki ya kawo kansa ke nan, babu wanda ya roƙe ta. To amma ma'aikaciyar da ta san aikinta za ta fara duba abin da ke makalewa a mataji, domin gashin da ke barin kai iri biyu ne, kuma maganinsu ya bambanta. Wanda ya zube daga tushe yana da tsawonsa cikakke, kuma a ƙarshensa ana ganin wani ɗan farin ƙulli kamar kan allura. Zubewar irin wannan gashi daga 50 zuwa 100 a rana abu ne da ke faruwa ga mai lafiya. Wanda ya karye kuwa guntu-guntu ne, tsawonsa bai daidaita ba, kuma babu farin ƙullin a jikinsa. Ma'aikaciyar ta shimfiɗa farin tawul, ta zuba abin da mataji ya kwaso a kai, ta kira hankalin matar. Kusan dukkansu guntaye ne.

Daga nan sai ta raba gashin da wutsiyar mataji ta duba tushe, ta tambayi matar yaushe rabonta da rilaksa. Ta ce wata biyu. A tushen akwai sabon gashi mai tsawon kusan santimita biyu wanda bai sha man ba, yana nan da murɗewarsa ta asali. Gashin ɗan Adam yana ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya ko ɗan fiye da haka a wata, saboda haka gashin wannan mata yana fitowa daidai yadda ya kamata. Ma'aikaciyar ta ɗauko madubi na biyu ta nuna mata, ta ce: “Hajiya, duba nan. Wannan duk sabon gashi ne na wata biyu. Gashinki bai daina fitowa ba, karyewa yake yi daga ƙasa gwargwadon yadda yake fitowa daga sama, shi ya sa kike ganin tsawonsa ya tsaya wuri ɗaya.” Da wannan jumla ta rufe wa kanta ƙofar sayar da man fitar da gashi, kuma da ita ce ta buɗe ƙofar abin da zai biyo baya, domin matar ta ga an hana ta kashe kuɗi a kan abin da ita da kanta ta nema.

Saura sanin abin da ke karya gashin. Akwai gwaji mai sauƙi da masu sana'ar ke yi a wurin wanki: a ɗauki silin gashi ɗaya yana jiƙe a ja shi a hankali. Lafiyayyen gashi yana ɗan miƙewa ya koma yadda yake. Wanda ya tsinke nan take ba tare da ya miƙe ba ya bushe ne, danshi yake nema. Wanda ya yi ta miƙewa kamar danƙo bai koma ba, ya kuma yi laushi fiye da kima, ƙarfinsa ne ya ragu, kuma irinsa ne ake yi wa aikin kayan da ke ɗauke da furotin. Gwajin ba na ɗakin bincike ba ne, yana ba da alama ce kawai, amma alamar tana hana kuskure mai tsada, domin idan aka lafta wa busasshen gashi furotin da yawa, ƙara tauri yake yi, ya ƙara karyewa. Na wannan matar ya tsinke nan take. Da aka tambaye ta irin rilaksar da take amfani da ita a gida, sai ta ce wadda ake haɗa abu biyu a gauraya kafin a shafa, wadda ake cewa ba ta ƙona kai. Wannan nau'in ya fi sauƙi ga fatar kai, amma yana ɗauke da sinadarin kalsiyam wanda ke taruwa a jikin gashi, ya bar shi a bushe, ya kuma dusashe ƙyallinsa. Yanzu ma'aikaciyar tana da dalili a hannunta, ba zato ba.

A wurin wankin ta yi amfani da shamfu mai cire irin wannan taruwar, sannan ta shafa kwandishana mai ratsa gashi, ta rufe kan na minti ashirin. Tana yi tana faɗa wa matar abin da take shafawa da dalilinsa, a taƙaice, ba tare da ambaton sayarwa ba. Bayan ɗauraya ta ce mata ta taɓa gashin da kanta. Wannan taɓawar ta fi duk wani kirarin da za a yi wa kwalbar, kuma tana da wani amfani na biyu da ba a cika lura da shi ba: idan kayan bai karɓi gashin ba, ma'aikaciyar za ta gani tun kafin ta ba da shawarar a saye shi. A ganina bai dace a ba wa mutum shawarar ya sayi abin da ba a gwada a kansa ba alhali yana zaune a wurin, kuma kayan yana nan a buɗe.

Kafin a kai ga kantar kaya akwai tambaya ɗaya da mai son sayarwa ko ta halin ƙaƙa yake gudu, ita ce: me kike amfani da shi a gida? Ana gudunta ne saboda amsar tana iya rage cinikin. Matar ta ambaci shamfunta, kuma ya zamana ba mai tsanani ba ne, babu dalilin canza shi. Kwandishana kuwa ba ta da shi, mai kawai take shafawa kullum. Mai yana rufe gashi ya rage fitar danshin da ke ciki, amma shi kansa ba ruwa ba ne, saboda haka shafa shi a kan busasshen gashi yana ba da sheƙi ne a waje alhali cikin yana nan yadda yake. Giɓin da ke cikin kulawar wannan mata guda ɗaya ne, kuma shawara ta gaskiya ita ce wadda ta tsaya a kan wannan giɓin. Shamfun da ke cire taruwar kalsiyam ba abin amfanin kowane mako ba ne, yana iya ƙara busar da gashi idan aka yawaita, don haka ya isa a yi mata shi a shago duk lokacin da ta zo.

To ga abin da aka ce mata a ƙarshe, tun tana kan kujera, kafin a cire mata mayafin aiki: “Hajiya, abu ɗaya nake ba ki shawara, shi ne wannan da na shafa miki ɗazu. Sau ɗaya a mako bayan wanki, ki ɗebi kamar babban cokali ɗaya da ɗan ɗoriya, ki shafa daga tsakiyar gashi zuwa ƙarshensa, ki rufe na minti ashirin, ki ɗauraye. Kwalbar za ta kai ki kusan wata uku. Nan da mako huɗu zuwa shida ya kamata ki ga guntayen da ke makalewa a mataji sun ragu. Ba zai sa gashi ya fito da sauri ba, kuma bakin gashin da ya riga ya tsage ba zai haɗe ba, wannan sai almakashi. Shamfunki na gida ki ci gaba da shi. In kina so in ajiye miki a gaba, in kuma kina son ki yi tunani, ga sunansa na rubuta miki.”

Kowane yanki na wannan magana yana da aikin da yake yi. Bayanin yawan abin da za a ɗiba yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin kaya masu kyau da yawa suna shan zargi ne saboda an yi amfani da su ba daidai ba, wata ta shafa kaɗan ba ta ga komai ba, wata ta lafta a fatar kai gashin ya yi nauyi ya kwanta. Bayanin tsawon lokacin da kwalbar za ta ɗauka lissafi ne da ma'aikaciya ya kamata ta yi tun kafin kwastoma ta zo: kwalba mai mililita 250, idan ana ɗibar mililita 20 a mako, za ta yi mako 12 da 'yan kwanaki. Wannan lissafin yana sauya yadda mai saye take auna farashi, domin ta daina kallonsa a matsayin kuɗin da za ta fitar yau kaɗai, ta raba shi a kan makonnin da zai yi mata aiki, kuma babu yaudara a ciki muddin adadin gaskiya ne. Bayanin abin da za ta gani da lokacin da za ta gan shi ya ba ta ma'aunin da za ta yi wa shawarar hukunci da shi. Ma'aikaciyar da ta yarda a auna maganarta ta riga ta nuna cewa ta yarda da ita.

Yankin da ya fi wahalar fita daga bakin mai sayarwa shi ne faɗin abin da kayan ba zai yi ba, kuma a nan nake ganin ya kamata a ɗan dakata. Gashin da ya fito daga fata ba shi da rai, ba ya warkewa kamar yadda rauni ke warkewa. Kayan da ake cewa suna gyara tsagewar baki suna manne tsagin ne na ɗan lokaci, ya yi santsi har zuwa wanki na gaba ko na bayansa. Wannan amfani ne na gaske, kuma akwai wadda za ta saya da saninta domin shi, amma idan aka ce mata gyara ne na dindindin, to an ɗaura wa kwalbar alkawarin da ba za ta cika ba, kuma ranar da alkawarin ya warware ba kamfanin da ya yi kayan kwastoma za ta tuna ba, fuskar wadda ta miƙa mata za ta tuna. Haka maganar fitar da gashi. Maganin shafawa da aka fi sani wajen wannan shi ne minoksidil, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988, kuma shi ma magani ne na wani nau'in sanƙo, yana ɗaukar watanni kafin a ga tasirinsa, tasirin kuma yana gushewa idan aka daina. Idan abin da aka yi wa gwaji na shekaru yana da waɗannan iyakoki, to mai sayar da man ƙamshi a kan kanta ba shi da hujjar yi wa kowa alkawarin cika kai cikin mako biyu.

Ita kuwa jumlar ƙarshe, wadda ta ba matar zaɓi tsakanin ɗauka yanzu da tafiya da suna a takarda, tana cire kunyar da ke sa mutane sayen abin da ba sa so. Mutane da yawa ba sa iya cewa a'a ga wanda ya gama yi musu hidima, musamman a gaban wasu, sai su biya su tafi da haushi a ciki. Wannan ne dalilin yin maganar a kan kujera, da murya ƙasa, maimakon a wurin biyan kuɗi inda jaka take buɗe kuma masu jira suna kallo. Idan ta ce a'a, magana ta ƙare, ba a maimaitawa, ba a kuma sauya fuska. Ɗora kwalba a kan rasit ba tare da an tambaya ba, ko cewa saura guda ɗaya alhali akwai kwali cike a ciki, ko tsoratar da mutum cewa gashinta zai ƙare idan ba ta saya ba, duk dabaru ne da ke kawo kuɗi a ranar, kuma kwastoma takan gane su ne bayan ta isa gida.

Mai shago zai iya cewa wannan hanya ta rage masa ciniki, tunda da an bi son matar da an sayar mata da man fitar da gashi, a haɗa mata da shamfu da kwandishana, kwalba uku maimakon ɗaya. Ƙorafin yana da tushe, don haka ya cancanci lissafi. A ƙaddara kuɗin aiki ɗaya 100 ne, a kowane irin kuɗi, ana sayar da kwalba 40, an saro ta 24, ribarta 16. Waɗannan alƙaluma na misali ne, kowane shago zai sa nasa. Kwalba uku a rana ɗaya riba ce ta 48. Amma biyu daga cikinsu ba za su rage karyewar gashin ba, kuma matar da ta kashe 120 a kan kaya, fiye da kuɗin aikin kansa, za ta sa ran ganin canji mai girma. Idan ta zo duk bayan mako takwas, zuwa shida ke nan a shekara, wato 600 na aikin hannu. Idan ta ji an ci amanarta ta koma wani wuri, shagon ya samu 48 ya rasa zuwa biyar, wato 500, kuma ko da an cire kuɗin kayan aiki da ladan ma'aikaciya daga ciki, abin da ya rage ya ninka 48 sau da yawa. A ɗaya hanyar kuwa, kwalba ɗaya da ke ƙarewa duk bayan mako 12 tana nufin kwalba huɗu a shekara, ribar 64, ga kuma 600 ɗin yana nan. Kwalba ɗaya ta zarce uku ko da ba a ambaci aikin hannu ba, da sharaɗin cewa ta yi aiki har an dawo an sake saye.

Wannan sharaɗin ne ya sa zuwa na biyu yake cikin cinikin. Ma'aikaciya ta rubuta a katin kwastoma abin da ta gani, da abin da ta ba da shawara, da ranar da aka saya. Bayan mako takwas, idan matar ta bi umarni, ta yi amfani da kusan mililita 160, saura kamar kashi ɗaya cikin uku na kwalbar. Tambayar nawa ya rage tana bayyana abubuwa da dama. Idan kwalbar tana nan kusan cike, ba a yi amfani da ita ba, kuma sai a gano dalili, ko ƙamshin ne bai yi mata ba, ko minti ashirin ɗin ne ya yi mata yawa. Idan ta ƙare tun tuni, ana ɗiba fiye da kima, kuma faɗa mata ta rage gaskiya ce da ke jinkirta saye na gaba, amma dole a faɗa. Idan an yi amfani da shi daidai kuma guntayen da ke kan tawul ba su ragu ba, to shawarar ce ba ta dace ba, ko kuma akwai wani dalili da ba a gano ba, kamar zafin na'urar busarwa, ko ɗaure gashi da ƙarfi, ko maimaita rilaksa a kan gashin da ya riga ya sha. A irin wannan hali ba a gyara kuskure da sayar da kwalba ta biyu a makance, sai an sake dubawa daga farko. Shagon da ke karɓar kayan da bai karɓi mutum ba, ya musanya shi ko ya mayar da kuɗi, yana asarar kwalba jefi-jefi, amma ma'aikatansa sun fi sakin jiki wajen ba da shawara, masu saye kuma sun fi sakin jiki wajen gwadawa.

Wani lokaci kwastoma takan ce ta ga irin wannan kayan da araha a wani wuri. Amsar da ke zuwa baki da sauri ita ce a ce mata na can jabu ne. Jabun kaya suna nan, amma wanda bai ga kwalbar ba ba shi da ikon yanke mata hukunci. Abin da ya fi shi ne a koya wa kwastoma duba kwalba: a ƙasashe da yawa doka ta tanadi a jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, saboda haka idan man da aka zana hotonsa a gaban kwalba yana can ƙarshen jerin, to ɗan kaɗan ne a ciki. Akwai kuma hoton ƙaramin mazubi mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta wa 12M ko 6M, ma'ana watannin da kayan zai yi da kyansa bayan an buɗe shi. Wadda aka koya wa wannan tana iya saye a wani wuri, gaskiya ne, amma ta san inda ake faɗa mata abin da bai zama dole a faɗa mata ba.

Akwai kuma inda shawarar gaskiya ita ce a ƙi sayar da komai. Amosani na yau da kullum yana cikin abin da shamfu mai magani ke ragewa, irin mai ɗauke da ketokonazol, wanda ake barinsa a kai minti uku zuwa biyar kafin ɗauraya, sau biyu a mako na tsawon mako biyu zuwa huɗu. Amma idan ma'aikaciya ta ga wuri zagayayye da gashi ya zube fatar ta yi sumul, ko makero a kan yaro, ko ƙuraje masu ruwa, ko ja da ɓawo mai kauri, to wannan ya wuce kanta, na likitan fata ne. Makero musamman ba ya warkewa da abin shafawa kaɗai, yana buƙatar maganin sha, kuma yana yaɗuwa ta mataji. Sayar wa irin wannan mutum mai yana jinkirta zuwansa asibiti ne, kuma akwai nau'o'in zubewar gashi da ke barin tabo, inda jinkiri ke nufin gashin ba zai sake fitowa ba. Haka kuma a tambayi kowa ko akwai abin da ke sa masa ƙaiƙayi ko kumburi kafin a miƙa masa sabon kaya.

Duk wannan yana hannun ma'aikaciya, amma mai shago ne ke yanke ko za ta iya yin sa, ta hanyar yadda yake biyan la'ada da yadda yake saro kaya. La'ada a kan abin da aka sayar ba laifi ba ce, hakkin wadda ta yi bayani ne. Matsala tana farawa idan aka ɗora wa kowa adadin da dole ya cika a wata, ko aka ƙara la'ada a kan kayan da suka yi kwantai domin a rabu da su. Daga ranar da aka yi haka, abin da ke kan kanta shi ke zaɓar kwastoma, maimakon gashin kwastoma ya zaɓi kaya. Kwantai kuwa yawanci daga sari yake farawa, lokacin da aka cika kanta da kaya iri talatin waɗanda ma'aikata ba su taɓa buɗewa ba. Kaya kaɗan da ake aiki da su kullum a wurin wanki, waɗanda kowace ma'aikaciya ta san wanda suka dace da shi da wanda ba su dace da shi ba, sun fi saurin juyawa, kuma ba sa daskarar da jari.

Mai shagon da ke son sanin gaskiyar abin da ke faruwa ba zai tsaya a jimillar cinikin wata ba, domin wannan adadi ba ya bambanta mai ba da shawara da mai matsa wa mutane. Sai ya haɗa abubuwa uku ga kowace ma'aikaciya: mutum nawa cikin waɗanda ta yi wa aiki suka sayi kaya, nawa cikinsu suka sake sayen wannan kayan bayan ya ƙare, kuma nawa suka dawo kujerarta. Wadda take sayarwa da yawa amma ba a sake saye, kuma kwastomominta suna raguwa ko suna neman a ba su wata, tana cinye ribar gobe ne tun yanzu. Wadda ba ta sayar da komai alhali kujerarta ba ta rabuwa da mutane tana da amanar amma tana jin nauyin magana, kuma sau da yawa kwastomominta suna sayen kayan da ba su dace da su ba a wani wuri saboda ba ta faɗa musu komai ba. Ita abin da take buƙata shi ne a zauna da ita a yi lissafin kwalba ɗaya, nawa ake ɗiba, mako nawa take yi, wa ta dace da shi, har ta iya faɗinsa cikin jumla huɗu ko biyar. Tunda kwalba takan ɗauki kusan wata uku kafin ta ƙare, ba za a iya karanta waɗannan alƙaluma da kyau ba sai an tara na aƙalla wata shida, lokacin da saye na biyu ya kamata a ce ya bayyana a littafi.